Sharhina bayan mai ba mu bayanan oda ya rufe tsohuwar sigar API ɗinsa

Shekara biyu ke nan dashbod ɗinmu na ciniki yana jan bayanai daga API na wani kamfani da ke riƙe mana rajistar oda. Kowane dare wata 'yar manhaja da na rubuta takan je ƙofar `/v1/orders` ta kwaso odar ranar, ta zuba a rumbun bayanai, da safe shugabanni su ga jadawali. Kwanan baya suka rufe wannan ƙofa suka mai da kowa `/v2/orders`. Idan maki zan ba su kan yadda suka tafiyar da sauyin, uku cikin biyar ne.

Wajen sanarwa ba su yi laifi ba. Wata shida kafin rufewa suka aiko imel, sai dai ya faɗa akwatin wanda ya buɗe asusun tun farko, shi kuwa ya daɗe da barin aiki. Wannan sakacinmu ne. Abin da ya cece mu shi ne sun riƙa saka `Sunset` a kan kowace amsa ta tsohuwar ƙofar, wato layin da ke faɗin ranar da za ta daina aiki, kamar yadda RFC 8594 ta 2019 ta tsara. A rajistar aiki na ci karo da shi ina neman wani abu daban. Ranar rufewar kuma `410 Gone` suka mayar, ba `404` ba, don haka ba wanda zai zaci kuskuren rubuta adireshi ne.

Inda suka ba ni haushi shi ne rabon shafuka. A tsohuwar siga nakan nemi oda 500 a shafi ɗaya, manhajata kuma tana gane ta kai ƙarshe ne idan shafi ya zo bai cika ba:

```python
if len(rows) < limit:
    break
```

Ashe sabuwar siga ba ta ba da fiye da 200 a shafi. Ka nemi 500, ba za ta ce maka uffan ba, oda 200 za ta miƙo maka tare da `200 OK`, wato alamar komai lafiya. Manhajata ta ga 200 bai kai 500 ba, ta ɗauka an gama, ta tsaya a shafin farko. Takardar ƙaurarsu ta lissafa sunayen gurabe da suka sauya dalla-dalla, amma wannan iyaka sai can cikin wani shafi na daban na same ta.

Matsalar ta iya ɓuya. Duk ranar da odarmu ba ta kai 200 ba, lissafi daidai yake fita. Na gwada da kwana uku marasa ciniki sosai, komai ya yi daidai, har na fara murna. Allah ya sa ban kashe tsohuwar hanyar ba, na bar su biyun suna aiki tare na mako biyu, kowace tana zuba nata a teburi daban, ina kwatanta adadin oda da jimillar kuɗi na kowace rana. A rana ta biyar tsohuwar ta kawo 317, sabuwar 200 cif. Washegari 264 da 200. Ciniki ba ya tsayawa kan lamba ɗaya kwana biyu a jere, sai in wani abu ne ke datse shi. Da dashbod kaɗai nake kallo, da cewa zan yi kasuwa ce ta ɗan ja baya.

Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Na daina ƙirga layuka, na koma bin `next_cursor`, alamar shafi na gaba da suke bayarwa, har sai ya zo babu komai. Na rubuta wa sashen taimakonsu cewa ya kamata buƙatar da ta wuce iyaka ta jawo saƙon kuskure na `400`. Sun amsa cikin ladabi washegari, amma har yau ba su sauya ba.

Dashbod ɗin kansa ban taɓa shi ba, domin ba ya karanta teburin API kai tsaye. Akwai shimfiɗa a tsakani da ke mai da sunayensu zuwa namu, a nan kawai na mai da `amount` na sabuwar siga zuwa gurbin da `total` ke cikawa a da. Na kuma kwashe tarihin oda gaba ɗaya daga tsohuwar ƙofar kafin a kulle, don in gardama ta taso kan wata tsohuwar lamba akwai abin dubawa.

Zan ci gaba da amfani da su, don sabuwar sigar ta fi sauri kuma ba ta maimaita oda idan wata ta shigo ana cikin jan bayanai. Amma yanzu manhajar tana turo mini saƙo da zarar ta ga `Sunset` a wata amsa, ko adadin wata rana ya yi daidai da girman shafi, imel ɗin asusun kuma ya koma akwatin da mu uku ke dubawa.