Sharhi: Minecraft da All the Mods 9 a kan kwamfuta mai ram gigabait 8

Na gwada All the Mods 9, tarin gyare-gyare sama da 400 da aka ɗora kan Minecraft 1.20.1, kuma ra'ayina shi ne ƙa'idar ram da kamfanin Minecraft ya rubuta ta wasan ce zalla. Da zarar an ɗora wannan kaya, lissafin ya tashi.

Kowane gyara yana zuwa da tubalansa da hotunansu da tsarin haɗa kaya, kuma Java, manhajar da wasan ke gudana a kanta, tana loda yawancinsu cikin ram tun kafin ka shiga duniyar wasan. Kuma Java ba ta wuce iyakar da aka yanka mata, ko ram nawa ke cikin kwamfutar. Wannan tarin yana son a ware masa gigabait 8 zuwa 10, ta hanyar sa wannan a saitin Java:

```
-Xmx10G
```

To, kwamfuta mai gigabait 8 ina za ta samo su? Windows kanta ta riga ta ci kasonta. In ka ba wasan 6, sai kwamfutar ta koma ajiye rarar a faifai, komai ya riƙa jan ƙafa. In ka ba shi 4, ko dai ya maƙale wajen lodi ko ya mutu da `OutOfMemoryError`. Da gigabait 16 ne aka samu sararawa.

Gane ƙarancin ram ba wuya. Danna F3, ka dubi `Mem` a sama ta hannun dama. Idan lambar tana haurawa kusan kashi 95 cikin ɗari, hoto ya daskare na ɗan lokaci, ta faɗo kaɗan ta sake hawa, Java ce ke ta sharar ram babu hutu. Amma kada a zuba mata fiye da kima, domin sharar wuri mai faɗi ma tana iya jawo tsaiko.

Batun furosesa ne ya fi ruɗar mutane. Wasan yana lissafa duniyarsa sau 20 a daƙiƙa, kowane zagaye bai kamata ya wuce milisakan 50 ba, kuma yawancin aikin kan zare ɗaya yake bi. Saboda haka yawan kwakwalen furosesa bai kai saurin guda ɗaya amfani ba. Idan injuna da bututu da dabbobi suka yi yawa, za ka fasa tubali ya dawo, tanda ta yi nawa, alhali hoto na tafiya sumul. Ƙarin ram ba ya maganin wannan. Gyaran spark da umarnin `/spark tps` ne zai nuna maka.

Kafin sayen komai, rage `Render Distance`. A 24 wasan yana riƙe da yankuna kusan 2,400, a 12 kuwa kusan 625 ne kawai.