Cire waya ko ƙarfen taga daga hoto: dusashewa ko Clone Stamp?

"Jama'a, na ɗauki hoton zaki a gidan zu na Kano, amma ragar waya ta ratsa fuskarsa. In dusashe ta ne, ko in goge da Clone Stamp?"

Malam, kowanne da lokacinsa. Dusashewa aikin kyamara ne a lokacin ɗauka, Clone Stamp kuwa, burushin Photoshop da ke kwafo wani sashe na hoto ya rufe wani da shi, gyara ne bayan an dawo gida. Idan ka sa wa wayar Gaussian Blur a Photoshop ba za ta tafi ba, sai dai ta baje ta zama tabo mai ruwan toka, domin abin da ta rufe bai shiga hoton ba tun farko.

A wurin ɗauka, matsa gilashin kyamara har ya kusa taɓa ragar, ka buɗe ƙofar haskensa iyakarta, ka jira zakin ya yi nisa da wayar, ko da mita huɗu ne. Gilashin 200mm a f/2.8 ƙofarsa ta kai faɗin milimita 71, don haka waya mai kaurin milimita 3 ɗan kaɗan take tarewa, haske ya bi ta gefenta. Ka rage zuwa f/11, ƙofar ta koma milimita 18, sai ga wayar ta dawo kamar inuwa. Nemi inda rana ba ta dukan ragar, domin waya mai ƙyalli tana barin hazo fari. Kuma ka saita kaifin hoton da hannu, in ba haka ba kyamara za ta kama ragar, ba zakin ba. Ɗan hazon da ya rage, Dehaze ko Curves na Photoshop ya ishe shi.

Hoton da ke hannunka kuwa sai Clone Stamp. Buɗe sabon shafi da New Layer, ka sa Sample a Current & Below don asalin hoton ya tsira. Burushin ya ɗan fi wayar faɗi, gefensa da taushi. Riƙe Alt ka ɗebo gashi daga dab da wayar, ta inda gashin ya kwanta, ka riƙa sauya wurin ɗiba bayan shafa biyu ko uku. Wanda bai sauya ba zai ga tsiron gashi ɗaya ya jeru sau biyar, kowa ya gane an taɓa. A bakin kunne ko hanci, fara daidaita layin gefen kafin ka cike tsakiya.

Wayar da ta fito tas ta fi sauƙin gogewa. Wadda ta ɗan dusashe ce mai wahala, saboda inuwarta ta fi ta faɗi, sai ka goge tsakiya gefe ya rage.

Ƙarfen taga mai kauri da ya rufe ido ɗungurungum, babu inda za a ɗebo idon. Nan sai hoto biyu: ɗauki ɗaya, ka ɗan gusa gefe, ka sake ɗauka, ka haɗa su da Auto-Align Layers, sannan ka tone ƙarfen da Layer Mask idon ya fito daga na ƙasa.