Tuba a Girkanci, tuba a Latin

A Matiyu 4:17, inda Yesu ya kira mutane su tuba, Girkanci ya yi amfani da kalma guda, metanoeite, wato ku sauya tunani. Abin a zuci yake. Fassarar Latin da malamin Kirista Jerome ya gyara wajen shekarar 383 kuwa ta ce paenitentiam agite, kalmomi biyu: ku aikata tuba.

A ganina mai fassara bai yi ganganci ba. A Latin na lokacin, haka ake faɗin yin nadama, kuma tsofaffin fassarori ma haka suka rubuta. Daga baya ne paenitentia ta zama sunan ibadar furta zunubi gaban firist da cika horon da ya ɗora. Sai mai karatu ya riƙa jin umarnin yin wani aiki na zahiri. Wannan jimlar ta paenitentiam agite ce Martin Luther, jagoran neman gyaran coci, ya buɗe hujjojinsa 95 da ita a 1517.