Digiri 50 ko digiri 62: me ke faruwa a cikin tub ɗin PCR

"Salamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu a Samaru. Na sa zafin mannewa a 50, jel ya fito da layuka barkatai. Na kai shi 62, ko layi ɗaya babu. Yankin DNA mai tsawon haruffa 400 nake nema, da Taq. Ga firaimomina, wanne zafin ne daidai?"

```
F: GACTACGATTGCTGAACTCC
R: TCAACATACTGGTAAGAGCG
```

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amsarki tana tsakanin biyun, wajen 54 ko 55. Amma bari mu ajiye su gefe da gefe, don gobe idan kika sake firaima ki iya lissafin da kanki.

Kowane zagaye na PCR zafi uku ne. A 95 igiyoyin DNA biyu suna rabuwa. Sai inji ya sauko don firaimomi su laluɓo mazauninsu su manne, sannan ya hau 72, inda Taq ke kama bakin firaima yana saƙa sabuwar igiya, kimanin harafi 1,000 a minti ɗaya. Shi Taq daga ƙwayar da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi aka samo shi, shi ya sa 95 ba ya kashe shi nan take. Zafi na farko da na uku kusan duk ɗaya ne ga kowa. Na tsakiya ne naki, domin haruffan firaimarki ne ke yanke shi.

G da C suna riƙe juna da ɗauri uku, A da T kuwa biyu, saboda haka firaima mai yawan G da C ta fi jure zafi. Ga lissafin gaggawa na Tm, wato zafin da firaima ke sakin mazauninta:

```
Tm = 2(A+T) + 4(G+C)
```

F tana da G da C guda 10 cikin 20, ta ba da 60. R tana da 9, wato 36 da 22, 58 ke nan. Da ta ƙasan ake aiki, a rage digiri 3 zuwa 5.

To, a 50 kin sauko digiri 8 ƙasa da R. A wannan sanyin, firaima ba ta da zaɓe: inda haruffa 15 ko 16 suka dace da ita, musamman ta bakin 3' inda Taq ke fara saƙa, sai ta zauna. Taq kuma ba ya tambaya, saƙa kawai yake yi. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne, kuskuren da aka kwafa a zagaye na biyu ko na uku yana ɗauke da firaimar a jikinsa, daga nan ya dace da ita ɗari bisa ɗari, yana ninkuwa kamar na gaske har zagaye na 30. Layukan da kika gani ke nan. Duba hoton da kyau, mai yiwuwa 400 ɗinki yana cikinsu. Idan kuma akwai wani farin hazo can ƙasa da 100, firaimomin ne suka manne wa junansu.

A 62 akasin haka ne. Kin wuce R da digiri 4, ko a mazauninta na gaskiya ba ta daɗewa har Taq ya kama ta. Ko da F ta ɗan riƙe, gefe ɗaya ba ya ninka komai, kwafi ɗaya-ɗaya yake ƙarawa, jel ba zai nuna ba.

Ni dai na fi son matsalar 50, don aƙalla ta shaida cewa DNA ɗinki da sinadaranki suna da rai. Jel wayam ba ya faɗa miki dalili: zafi ne, ko Taq ne ya sha narkewa a firiza ranar da wuta ta kwana ba ta dawo ba? Na taɓa ɓata mako biyu ina sauya zafi, ashe tub ɗin ne ya mutu. Tun daga nan ba na gudu sai da samfurin da na san yana fitowa, da wani tub mai ruwa a madadin DNA.

Lissafin nan fa kintace ne, bai san yawan gishiri da maganisiyam da ke cikin haɗinki ba. Idan injinku yana da Gradient, raba haɗi ɗaya tub biyar: 52, 54, 56, 58, 60. Ɗauki mafi zafin da ya ba ki layi ɗaya tak, mai haske, a 400.

Firaimomin kansu ban ga aibu a siffarsu ba: tsawo 20, G da C kashi 45 da 50 cikin ɗari, tazarar Tm digiri 2 kacal, kowace ta ƙare da G ko C. Abin da ido ba zai gani ba shi ne ko suna da wani mazauni a jikin halittar da kike aiki a kanta. Sa su a Primer-BLAST kafin ki ƙona wasu sinadaran. In ya nuna wani wurin da suka dace ɗari bisa ɗari, babu zafin da zai raba miki su, sai dai a sake firaima.