QGIS da takardar filin Inna: zon ɗaya ya kai ni kilomita 650

Inna ce ta miƙo mini takardar filinta na gado nan Damagaram, ta ce: "Ɗana, kai da ka yi lakkwal, nuna mini inda wannan lambobi suke." Borni huɗu ne a jikin takardar, kowanne da X da Y. Na sauke QGIS, manhajar zana taswira, a ordinata, kyauta ne, na kwana biyu ina fama da shi.

Lambobin nan mitoci ne, ba digiri ba. X mai lamba shida yana auna gabas, Y mai lamba bakwai kuma nisa ne daga ekwata zuwa arewa. Tsarin UTM ya yanka duniya zon 60, kowanne faɗin digiri 6. Zinder tana zon 32, wanda layin tsakiyarsa, digiri 9 gabas, ya bi ta gefen gari. Wannan layi aka ba 500000, shi ya sa X na filayenmu ba ya nisa da nan, Y kuwa yana wajen 1525000. In ka ga takardar cikin gari da X na 300000, tsaya ka tambaya.

Na rubuta su haka:

```
borne;X;Y
B1;498712;1525640
B2;498732;1525640
B3;498732;1525625
B4;498712;1525625
```

Na shigar ta "Ajouter une couche de texte délimité", na zaɓi "point-virgule" a matsayin mai raba lambobin. Nan na yi ɓarna. Wurin zaɓen tsari na danna EPSG:32631, lambar zon 31, don shi na gani a wani bidiyo da aka yi a Yamai. QGIS bai ce uffan ba, ya zana ɗigo huɗu tsaf, mita 20 da 15, murabba'in mita 300 cif. Sai da na sa hoton tauraron ɗan adam a ƙasa na ga filin Inna ya koma wajen Baleyara, can ɓangaren Yamai! Yamai zon 31 take, kuskuren zon ɗaya kuwa digiri 6 ne, kusan kilomita 650. Da na mayar EPSG:32632, lambar zon 32, ɗigon suka dawo gida.

Abin da ban so ba ke nan: ba ya gargaɗi, duk abin da ka ba shi karɓa yake. Kuma ga sabon shiga, maɓallan sun yi yawa.

Ko bayan gyara, borni biyu sun hau katangar maƙwabci da kamar mita uku a hoto. Inna har ta ɗaura zane za ta fita. Na ce ta dakata, hoton kansa yakan goce da 'yan mitoci, GPS na salula ma haka. Don gane unguwa da layin da fili yake, ya biya ni. Maganar iyaka kuwa mai awo muka kira, ranar Asabar zai zo da na'urarsa.