Jakar goyo ta zuwa aiki: gwanjo ko sabuwa?

Duk mai fita aiki kullum a adaidaita sahu ko a kan babur, jaka mai cin lita 20 zuwa 25 ta ishe shi. Za ta ɗauki laftof mai inci 15.6 da caja da gorar ruwa da 'yan takardu. Mai lita 40 ta matafiya ce, ba za ta zauna maka a cinya ba. Ta fatar roba kuwa rana ce ke ɓare ta.

Ni dai tawa ta gwanjo ce, irin wadda ake tsinta a Ƙofar Wambai, kuma ita nake ba kowa shawara. Hannayenta masu faɗi ne, sun ɗan lanƙwasa yadda ba sa gugar wuya. Matsa soson da yatsu biyu: mai kyau yana da tauri, yana dawowa nan take, na banza kuwa sai ka ji yatsunka sun haɗu. Bayanta raga ce, da kwari a tsakiya inda iska ke bi, don haka ko a zafin Afrilu rigata ba ta jiƙewa sharkaf. Aljihun laftof ɗin ma bai kai ƙasa ba, in ka dire ta kwamfutar ba ta bugu.

Amma ruwa, nan aka cuce ni. Kafin wannan na sayi wata sabuwa fil. Mai shagon ya tsiyaya mata ruwan leda a gabana, ruwan ya gangare, ya ce, "Alhaji, ko kogi ka shiga da ita." Ranar wata Talata a Agusta ruwa ya tare ni a hanya, na isa ofis na tarar da takarduna sun manne da juna. Ashe ba ta jikin yadi ruwa ke shiga ba, ta zif da ramukan ɗinki yake bi. Saboda haka ka ce a zuba a kan zif, ka sa hannu ciki ka ji. Nemi wadda ke da leɓe ya rufe zif ɗin, ko mai rigar ruwa a aljihun ƙasa.

A gwanjon ma sai an yi hattara. Wasu na cukwikwiye sabbin jabu su cusa cikin dila. Tambarin kamfani ba hujja ba ne, ɗinka shi ake yi, har rubutun YKK na kan zif, wato sunan sanannen kamfanin yin zif, ana kwaikwaya. Ja zif ɗin sau biyar, musamman a kwana. Juya cikin jakar: in rufin da ke hana ruwa yana zuba kamar amosani ko yana danƙo, ta gama aiki. Sannan ka finciki hannun daidai inda ya haɗu da jiki. In zare ya buɗe baki, ajiye masa kayarsa ko nawa ya rage maka.