Healing Brush ko Clone Stamp: wanne ya fi barin fata da kyanta?

"Salam 'yan uwa masu harkar hoto. Ina da hoton wata amarya, akwai kuraje a kumatu, tabo a haɓa dab da leɓe, ga silin gashi ya ratso goshi. Duk sanda na goge sai wurin ya dame ya yi sumul. Tsakanin Healing Brush da Clone Stamp wanne zan kama a Photoshop?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duka biyun za ka kama, amma kowanne da inda yake cin kasuwarsa, kuma ni a ganina damewar nan ba laifin ko ɗayansu ba ne, yawanci daga saitin burushi take.

Bambancinsu a taƙaice shi ne, Clone Stamp faci yake yi tsagwaronsa, abin da ka ɗauko daga can shi zai manna a nan, da kalarsa da haskensa da komai, bai damu ko ya dace ba. Shi kuwa Healing Brush ƙwayar fatar kawai yake ɗaukowa, wato ƴan ramukan nan na gumi da ƙananan layuka, sai ya ɗauki kala da haske daga kewayen wurin da kake gyarawa ya haɗa. Shi ya sa a tsakiyar kumatu inda babu komai kusa sai fata Healing ya fi nesa ba kusa ba, amma da ka matsa kusa da leɓe ko gira ko bakin ɗankwali sai ya jawo kalarsu ya shafa maka a fata, ka ga wani dabbare ja-ja ko baƙi-baƙi ya fito.

To kurajen kumatu dai na Healing ne. Buɗe sabuwar leya wadda ba komai a ciki, a saman allo ka mayar da Sample zuwa Current & Below don kada ka taɓa asalin hoton. Danna Ctrl+1 hoton ya tsaya a 100%. Girman burushi ya ɗara kurjin da kaɗan kawai, Hardness kuma ka kai shi sama, kamar 70 zuwa 100. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, suna ganin burushi mai laushi shi ne zai sa gyara ya saje, alhali shi Healing da kansa yake saje gefen, in ka ƙara masa laushi sai ƙwayar fata biyu su hau kan juna rabi da rabi, ramukan wannan su cike na wancan, sakamakon shi ne sumul ɗin da kake gani. Riƙe Alt ka danna wuri mai tsabta kusa da kurjin, sannan ka ɗiga sau ɗaya, kar ka yi ta gogawa. Kowane kurji ka sake ɗaukar sabon samfur, kuma daga yanki ɗaya, don fatar gefen hanci ramukanta manya ne, ta goshi da ta ƙasan ido daban suke, in ka ɗauko ta hanci ka kai kumatu ko wanda bai san Photoshop ba sai ya ji wani abu bai zauna ba. Haka in wani ɓangaren fuskar ya ɗan fita daga fokas, kar ka ɗauko daga can.

Akwai ƙaninsa Spot Healing Brush da ke zaɓar samfur da kansa, yana da sauri a kan ƙananan ɗigo, amma in kurjin ya girma yakan cike wurin da wata fata mai dishi-dishi. Ni ɗigon da bai kai ya kawo ba kawai nake bar masa.

Silin gashin goshi kuma a nan Clone Stamp ke rama wa kansa. Dabarar ita ce Mode ɗinsa ka sa Lighten, tunda gashin ya fi fatar duhu, burushin ba zai canza komai ba sai abin da ya fi samfurinka duhu, kusan gashin kaɗai ke nan, fatar da ke gefe yawancinta tana nan yadda take. Sai dai ka lura, a kan leya marar komai wannan Mode ɗin ba ya aiki yadda ake so, don haka ka yi shi a kan kwafin hoton, Ctrl+J, ko kuma ka bar burushin a Normal ita leyar ka mayar da ita Lighten. Burushi siriri wanda ya ɗan fi kaurin gashin, Opacity 100, ka bi shi gutsure-gutsure kana canza samfur, kada ka ja layi ɗaya tun daga sama har ƙasa, in ka yi haka gashin zai tafi amma sawunsa na nan. In furfura ce ko gashin da fitila ta haska ya fi fata haske, sai ka juya zuwa Darken. Inda silin ya shige ƙarƙashin ɗankwali kuwa ko kusa kar Healing ya je.

Tabon haɓa shi ne mai wuyar, kuma kafin komai ka tambayi mai hoton ko tana so a cire. Kurji baƙo ne, sati mai zuwa ya tafi, tabo kuwa wani na cikin kamannin mutum, balle a ce tsagar gado ce irin bille ko kalangu, wannan ba a taɓa ta sai da izini.

In ta ce a cire, duba shi da kyau. Tabo yawanci matsala biyu ce a haɗe, kalarsa ta bambanta, sannan in ya ɗan tashi ko ya lotsa yana da haske a gefe ɗaya inuwa a ɗayan. Healing zai jawo jan-baki, Clone zai kawo faci mai haske daban don haɓa a lanƙwashe take. Abin da ya fi shi ne ka raba hoton gida biyu. Yi kwafin hoton guda biyu, na ƙasa ka ba shi Gaussian Blur kana ƙara Radius a hankali har ramukan fata su ɓace amma hanci da leɓe na nan da siffarsu, a hoton fuska na kusa yakan faɗa wajen 4 zuwa 8, ya danganta da girman fayil. Na sama ka shiga Image > Apply Image, Layer ka zaɓi wancan na ƙasa, in hoton 8-bit ne ka sa haka:

```
Blending: Subtract
Scale: 2
Offset: 128
```

Sai ka mayar da leyar saman Linear Light. In ka yi daidai hoton zai koma tamkar ba a taɓa shi ba. Yanzu kala da haske suna ƙasa, ƙwayar fata tana sama. A ƙasa ka daidaita kalar tabon da Clone mai laushi, Opacity kamar 15 zuwa 20, a nan laushi ba ya ɓarna tunda ƙwayar ba ta wurin. A sama kuma Clone mai tauri, Sample a Current Layer, ka rufe layin tabon da ƙwayar fatar haɓa, kuma tunda kala kusan babu a leyar, jan-bakin ba zai biyo ka ba sai dai in ka hau kan gefen leɓen kansa. Kar dai ka zagaye rabin fuska da Lasso ka sake zuba mata Blur a leyar ƙasa, wannan ke kashe tudu da kwarin fuska har amarya ta kasa gane kanta.

In ka gama ka rage zumin har fuskar ta cika allo, ka riƙa kashe leyoyin gyaran kana kunnawa. In ka hango ɗigo iri ɗaya ya maimaita kansa a jere, samfur ɗaya ka yi ta amfani da shi, koma ka canza. A fatar mai duhu kuma ka duba ko wurin tabon ya yi toka-toka, in ya yi, buɗe leya ka sa ta a Color, ɗauki kalar fatar da ke gefe ka shafa sama-sama da Flow kamar 5.